Layin ya sauka, farashi bai sauka ba: yadda ake mayar da zanen alƙaluma zuwa magana

A kusan kowane taron da ake gabatar da rahoto, akwai lokacin da mai jawabi zai haska wani zane a allon majigi, layi ya tashi daga hagu ya yi sama zuwa dama, sai ya nuna shi da sanda ya ce, "Kamar yadda kuke gani." Mafi yawan mutanen da ke zaune ba su ga abin da yake nufi ba. Sun ga layi da launi da lambobi ƙanana a gefe, amma ba su san ko labarin alheri ne ko na damuwa ba, kuma kunya kan hana su tambaya. Aikin da ya rage a wuyan mai jawabi, ko ɗan jaridar da zai kai rahoton gidan rediyo, ko jami'in da zai yi wa shugabansa bayani, shi ne ya mayar da wannan layi zuwa jimloli uku ko huɗu waɗanda mai sayar da hatsi a Dawanau zai ji ya gane, kuma idan ya maimaita wa maƙwabcinsa ba zai faɗi ƙarya ba.

Zan ɗauki zane guda ɗaya in bi shi daki-daki, wato zanen hauhawar farashi a Najeriya wanda ake fitarwa daga alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Na zaɓe shi ne saboda a ganina babu zanen da aka fi yi wa mummunar fassara kamarsa, kuma kurakuran da ake yi a kansa su ne ake yi a kan zanen yawan jama'a, da na bashi, da na yaɗuwar cuta.

Ga abin da zanen ya ƙunsa. A watan Mayun 2023 hauhawar farashi tana kashi 22.41 cikin ɗari. Ta yi ta hawa har ta kai kashi 28.92 a Disambar wannan shekara, sannan kashi 34.19 a watan Yunin 2024. Daga nan layin ya ɗan sunkuya: kashi 33.40 a Yuli, kashi 32.15 a Agusta. Sai ya sake ɗagawa daga Satumba, ya kai kashi 34.80 a Disamba. A Janairun 2025 kuma ya faɗo gaba ɗaya zuwa kashi 24.48. Wanda ya kalli zanen da ido kawai zai ga tudu mai tsawo, da ɗan kwari a tsakiya, da gangara mai kaifi a ƙarshe.

Kafin mutum ya rubuta ko kalma ɗaya, dole ya tsaya ya tambayi kansa abin da layin yake aunawa. Amsar tana nan a rubuce a gefen zanen ko a ƙasansa da ƙananan haruffa, inda ido ba ya cika zuwa. Wannan layi ba farashin kaya yake nunawa ba. Yana nuna yadda farashin wata guda ya ɗara na irin wannan watan a shekarar da ta gabata. Kashi 32.15 na Agustan 2024 ma'anarsa ita ce an kwatanta farashin wannan Agusta da na Agustan 2023, aka ga ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. Saboda haka layin ma'aunin sauri ne. Yana kama da allurar da ke gaban direba wadda take nuna gudun mota: idan ta sauko daga 120 zuwa 100, motar ba ta juya da baya ba, tana nan tana tafiya gaba, gudun ne kawai ya ragu. Kafin a ce farashi ya sauka ƙasa da na shekarar da ta gabata a irin wannan zane, sai layin ya ratsa sifiri ya shiga ƙasa da shi, kuma a duk tsawon watannin da na ambata bai ko kusanci wurin ba.

A nan ne kuskure mafi girma yake faruwa. Wanda bai karanta gefen zanen ba zai dubi kwarin Yuli da Agusta ya rubuta, "Farashin kaya ya sauka wata biyu a jere." Jimlar tana da sauƙi, kowa zai gane ta, amma ba gaskiya ba ce. Matar da ta ji wannan a rediyo da safe, ta je kasuwa da rana ta tarar mudun shinkafa bai ragu ba, za ta yanke hukuncin cewa alƙaluman gwamnati ƙarya ne, alhali alƙaluman ba su faɗi haka ba, mai fassara ne ya sa musu magana a baki. Hukumar tana fitar da wata lamba ta biyu wadda take warware wannan ruɗani, wato kwatancin wata da watan da ya gabace shi. A Yulin 2024 farashi ya ɗara na Yuni da kashi 2.28, a Agusta kuma ya ɗara na Yuli da kashi 2.22. Idan aka ɗora wannan a kan kuɗin cefane, kayan da aka saya naira 10,000 a Yuni sun zama kimanin naira 10,228 a Yuli, sannan kimanin naira 10,455 a Agusta. A daidai watannin da layin ke sauka, cefanen ya ƙara tsada da naira ɗari huɗu da hamsin da 'yan kai.

To, wace jimla ce za ta maye gurbin waccan? Ni ga yadda zan faɗa: "A watan Agusta kaya sun ci gaba da tsada, sai dai tsadar ba ta ƙaruwa da saurin da take yi a watan Yuni. Abin da aka saya naira dubu ɗaya a bara war haka, yanzu ana sayensa kimanin naira dubu ɗaya da ɗari uku da ashirin." Jimla ta farko ta faɗi inda abin ya dosa ba tare da ta yaudari kowa ba. Ta biyu ta ba da girman abin da kuɗin da mutum yake riƙewa a hannunsa, kuma ta ambaci lokacin da ake kwatantawa da shi, domin kalmar "ƙari" ba ta da ma'ana sai an ce ƙari a kan me.

Mai karatu zai lura cewa na watsar da ɗigo ɗaya da biyar. Da gangan na yi. Kashi 32.15 ya dace da takarda, inda ido zai iya komawa ya sake dubawa, amma kunne ba ya riƙe lamba mai ɗigo, musamman idan an jero uku a numfashi ɗaya. A magana ya isa a ce "kashi talatin da biyu", ko "kusan kashi ɗaya bisa uku", muddin an sa kalmar "kimanin" ko "kusan" don mai sauraro ya san an daidaita lambar. Wurin da ba a yarda a yi wannan daidaitawa ba shi ne inda bambancin da ake magana a kai ya yi ƙanƙanta. Tsakanin Nuwamba da Disambar 2024 layin ya motsa daga 34.60 zuwa 34.80. Idan aka daidaita duka biyun sun zama talatin da biyar, motsin ya ɓace. A irin wannan wuri gara a ce "kusan bai motsa ba", domin wannan ita ce gaskiyar abin da ya faru.

Akwai wani tarko da harshenmu ya ƙara wa zurfi, domin kalmar "kashi" ɗaya muke amfani da ita a wurare biyu mabambanta. Daga 34.19 zuwa 32.15 akwai tazarar 2.04. Idan mutum ya ce "hauhawar farashi ta ragu da kashi biyu cikin ɗari", mai sauraro zai iya ɗauka an rage kashi biyu daga farashin kaya, wani kuma zai ɗauka kashi biyu ne na ita lambar 34.19, wanda bai kai ko ɗaya ba. Masana kan kira wannan tazara maki, su ce ta ragu da maki biyu, amma wanda ba fanninsa ba ne ba lallai ya san bambancin maki da kashi ba. Hanya mafi aminci ita ce a faɗi farko da ƙarshe a bar mai sauraro ya ga tazarar da kansa: "ta sauko daga kashi talatin da huɗu zuwa kashi talatin da biyu." Jimlar ta ɗan ƙara tsawo, amma ba ta bar ƙofar kuskure ba.

Sai kuma batun tsawon zanen kansa. Mai haɗa allo yakan so motsi ya fito fili, don haka maimakon layin tsaye na gefe ya fara daga sifiri, sai ya fara shi daga 30 ya ƙare a 35. A irin wannan zane Yuni yana tsaye a 4.19 sama da ƙasan allo, Agusta kuma a 2.15, wato ido zai ga kamar abin ya ragu da rabi. Idan aka zana lambobin nan biyu daga sifiri, da kyar za a lura da bambancinsu. Yanke layin gefe ba laifi ba ne a kansa, akwai lokutan da ya zama dole don a ga ƙananan motsi, amma wanda zai mayar da zanen magana bai kamata ya ɗauki kalmominsa daga kaifin gangarar ba. Kalmomi irin su "ya rikito", "ya yi tashin gwauron zabi", "ya ɗan sassauta" kowacce tana ɗauke da awo a cikinta, kuma lamba ce ya kamata ta zaɓe ta. Saukar maki biyu daga talatin da huɗu sassautawa ce, ko da zanen ya nuna ta kamar faɗowa daga kan dutse. Hanyar gane ko zane ya ruɗe ka mai sauƙi ce: rufe layin da hannunka, ka karanta lambobin kawai, ka ga ko kalmar da ka zaɓa tana nan daram.

Yanzu mu zo ga gangarar Janairun 2025, wadda ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Daga 34.80 zuwa 24.48 a wata ɗaya, fiye da maki goma. Duk wanda ya saba da alƙaluma, idan ya ga layin da ya shekara biyu yana motsi da maki ɗaya ko biyu a wata ya yi irin wannan tsalle, tambayarsa ta farko ita ce ko an canza yadda ake awon. Haka kuwa aka yi. A farkon 2025 hukumar ta sabunta tsarin lissafinta. Ta mayar da shekarar da ake ɗora awon a kanta daga 2009 zuwa 2024, ta faɗaɗa jerin kayan da ake bin farashinsu daga 740 zuwa 934, ta kuma rage nauyin da abinci yake da shi a cikin lissafin daga sama da rabi zuwa kimanin kashi arba'in. Sabuntawar tana da dalili mai kyau, domin abin da gidaje suke kashe kuɗi a kai a 2009 ba shi ne na yau ba, kuma ƙasashe kan yi irin wannan gyara lokaci zuwa lokaci. Amma sakamakonta shi ne lambar Disamba da ta Janairu ba daga ma'auni ɗaya suka fito ba.

Bahaushe yana da misalin da ya dace da wannan a cikin kasuwarsa. Idan jiya an auna buhu da mudu, yau an auna shi da tiya, aka sami lambar yau ta fi ƙanƙanta, ba hatsin ne ya ragu ba, kwanon awon ne ya canza. Jimlar da ta dace da wannan gangara ita ce: "A watan Janairu hukumar ta canza ma'auninta. Da sabon ma'aunin, kaya sun fi na bara tsada da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ba za a kwatanta wannan lamba kai tsaye da ta Disamba ba, kuma ba tana nufin kaya sun yi arha a wata ɗaya ba." Ina ganin wanda ya haɗa allon ma yana da alhaki a nan. Bai kamata ya jona Disamba da Janairu da layi ɗaya ba, kamata ya yi ya katse layin ya rubuta dalili a wurin. Idan bai yi ba, nauyin ya koma kan mai magana, kuma wannan bayani ba abin da za a tura ƙarshen jawabi ba ne, domin mutane sukan tafi da jimlar farko da suka ji.

Bayan an faɗi abin da ya faru da girmansa, mai sauraro yana jiran abu ɗaya, wato me wannan yake nufi gare shi. A nan ne ake bambanta wanda ya karanta zane da wanda ya fassara shi, kuma amsar tana canzawa gwargwadon waɗanda ke zaune a gabanka. Ga ma'aikacin da albashinsa naira 100,000 ne kuma bai canza ba daga Agustan 2023 zuwa Agustan 2024, ma'anar kashi 32.15 ita ce albashin nasa yanzu yana sayen abin da kimanin naira 75,700 take saye a bara. An sami wannan ne ta raba 100,000 da 1.3215. A lura cewa ƙarfin kuɗin nasa ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne, ba kashi talatin da biyu ba, kuma wannan kuskure ne da har masu ilimi kan faɗa cikinsa saboda sun cire maimakon su raba. Ga 'yar kasuwar da take ba da kaya bashi na wata uku, lambar wata-wata ce ta fi shafarta, domin idan farashi yana ƙaruwa da kashi biyu da 'yan kai kowane wata, kuɗin da za a biya ta bayan wata uku ba zai maido mata da yawan kayan da ta bayar ba. Zane ɗaya ne, amma jimlar ƙarshe ba ɗaya ba ce.

Haka nan idan ana son a faɗi labarin shekara biyu a haɗe, ba a tara lambobin. Disambar 2023 ta ba da kashi 28.92, Disambar 2024 ta ba da 34.80, sai mutum ya tara ya ce kusan kashi sittin da huɗu. Amma ƙarin shekara ta biyu ya hau ne a kan farashin da ya riga ya ƙaru. Naira 1,000 ta Disambar 2022 ta zama kimanin naira 1,289 bayan shekara, wannan kuma ta zama kimanin naira 1,738 bayan wata shekarar. Ƙarin ya kusa kashi saba'in da huɗu. Amfanin mayar da kashi zuwa naira ke nan, ba don mai sauraro kaɗai ba, har da shi mai bayanin, domin lissafin naira yana tona kuskuren da lissafin kashi yake ɓoyewa.

Kalmar da ta fi kowace haɗari a wannan aiki ita ce "saboda". Zane yana nuna lokacin da abu ya faru, ba ya nuna abin da ya jawo shi. Kowa ya san an sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma a watan Yuni aka saki darajar naira ta bi kasuwa, kuma layin ya ƙara miƙewa sama bayan nan. Masana tattalin arziki da dama sun danganta hawan da waɗannan matakai biyu, kuma hanyar da abin yake bi a bayyane take, tun daga kuɗin mota zuwa farashin kayan da ake shigowa da su. Amma wanda ya ja zanen baya zai ga cewa layin yana hawa tun kafin nan, domin a Mayun 2022 yana kashi 17.71 ne. Don haka jimlar "tsadar ta fara ne saboda cire tallafi" ta wuce abin da alƙaluman suka nuna. Wadda ta tsaya a kan gaskiya ita ce, "Tsadar tana ƙaruwa tun kafin cire tallafi, amma ta ƙara sauri bayansa." Idan mai jawabi yana da hujja daga wajen zanen, ya kawo ta ya ce daga ina take. Idan ra'ayinsa ne, ya ce "a ganina", don mai sauraro ya iya raba abin da aka auna da abin da aka yi hasashe.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga cikin bayanin shi ne iyakarsa, kuma jimla ɗaya ta wadatar. Lambar da ke kan layin matsakaici ce ta ƙasa baki ɗaya, ta haɗa birni da ƙauye, ta haɗa abinci da haya da sufuri da kuɗin makaranta. A Yunin 2024, lokacin da lambar gaba ɗaya take kashi 34.19, ta abinci kaɗai tana kashi 40.87. Gidan da kusan duk abin da yake samu a tukunya yake ƙarewa ya ji tsadar fiye da yadda layin ya nuna, kuma idan mutumin wannan gida ya ce lambar ba ta yi daidai da rayuwarsa ba, bai yi kuskure ba. Mai bayani da ya riga shi faɗin haka ya sami amincewarsa.

Idan aka haɗa duka, allon da ya ɗauki lambobi ashirin da ɗaya, daga Mayun 2023 zuwa Janairun 2025, zai iya komawa haka a bakin mai jawabi: "Daga tsakiyar 2023 zuwa ƙarshen 2024 kaya sun yi ta ƙara tsada, kuma saurin tsadar ma ya yi ta ƙaruwa, in ban da ɗan sassauci a Yuli da Agustan 2024. A Disambar 2024, abin da aka saya naira dubu ɗaya shekara guda kafin nan ya kai kimanin naira dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin. Faɗuwar da kuke gani a Janairu ta zo ne daidai lokacin da aka canza ma'auni, don haka ba ta nufin farashi ya sauka. Wannan matsakaici ne na ƙasa, kuma abinci ya fi haka tsada." Kafin in tsaya gaban jama'a da irin waɗannan jimloli, nakan karanta su ga wani wanda bai ga zanen ba, in roƙe shi ya faɗa mini abin da ya ji da kalmominsa, sannan in tambaye shi ko kaya sun yi arha a Janairu. Idan ya ce e, ko ya yi jim yana tunani, jimla ta uku ce ba ta fito ba, sai in koma in gyara ta in sake gwadawa da wani mutum daban.